Takardar neman biya mai maimaituwa

Takardar neman biya mai maimaituwa takarda ce da mai sayarwa ko mai bayar da haya yake fitarwa ga abokin ciniki ɗaya a kan kari, misali kowane wata, kowane wata uku ko kowace shekara, domin karɓar kuɗin abu guda da ake ci gaba da amfani da shi. Ana amfani da ita wajen karɓar kuɗin hayar gida ko shago, da kuɗin intanet, da na tashoshin talabijin, da na manhajojin da ake biya wata-wata. A bakin 'yan kasuwa ana kiran ta inbois, wasu kuma su ce bil. Ta bambanta da rasit, domin ita ana fitar da ita ne kafin a biya, shi kuwa rasit shaida ce cewa an riga an biya.

A yau manhaja ce ke fitar da yawancin irin waɗannan takardu ba tare da wani ya zauna ya rubuta ba. Kurakuran da aka fi samu a wannan aiki suna fitowa ne daga wurare biyu: lissafin ranar da takarda za ta fita, da kuma yadda ake shigar da sabon farashi.

Yadda tsarin yake

Tsarin yana da sassa biyu. Na farko shi ne samfuri, wanda ke ɗauke da sunan abokin ciniki, da abin da ake biya wa kuɗin, da farashi, da haraji, da ranar farawa, da tazarar da ke tsakanin takarda da takarda. Na biyu su ne takardun da ake cirowa daga samfurin, kowace da lambarta da kwanan watanta. Ana iya gyara samfuri a kowane lokaci, amma takardar da aka riga aka aika wa abokin ciniki ba a taɓa ta. Idan an gano kuskure a cikinta, sai a fitar da wata takarda daban da ke rage ko ƙara kuɗin, a ambaci lambar ta farko a jikinta.

Kowace takarda tana da lokuta uku da ba a so a cakuɗa su: ranar fitarwa, ranar ƙarshe ta biya, da tsawon lokacin da kuɗin ya shafa. Hayar watan Mayu, alal misali, ana iya fitar da takardarta ranar 24 ga Afrilu, a sa 1 ga Mayu a matsayin ranar biya, alhali lokacin da ta shafa shi ne 1 zuwa 31 ga Mayu. Farashin da ya kamata ya hau kan takardar shi ne na lokacin da ta shafa, ba na ranar da aka fitar da ita ba.

Matsalar ƙarshen wata

Idan yarjejeniya ta fara tsakanin 1 da 28 ga wata, lissafin ranar fitarwa ba shi da wahala, domin kowane wata yana da waɗannan ranaku. Matsala tana tasowa ne ga wanda ya fara ranar 29, 30 ko 31. Watanni bakwai ne kawai ke da ranar 31, Fabrairu kuma yana ƙarewa ne a 28, sai a shekara mai tsalle kamar 2024 da 2028 ya kai 29.

Kuskure na farko shi ne tsallake wata. A kwamfutocin da ke amfani da `cron` wajen tsara lokacin aiki, layin da ya fara da waɗannan alamomi yana nufin ƙarfe shida na safe ranar 31 ga kowane wata:

```
0 6 31 * *
```

Aikin zai gudana sau bakwai ne kacal a shekara. Ba za a fitar da komai ba a Fabrairu, Afrilu, Yuni, Satumba da Nuwamba, kuma kwamfutar ba za ta nuna wani gargaɗi ba. Haka ma ƙa'idar iCalendar ta shekarar 2009, wato RFC 5545, ta tanadi cewa ranar da babu ita a kalanda tsallake ta ake yi. Shi ya sa mai son ranar ƙarshe ta kowane wata yake rubuta `BYMONTHDAY=-1` a maimakon `BYMONTHDAY=31`.

Kuskure na biyu shi ne zamewar rana. Yana faruwa ne idan ana lissafin kowace rana daga wadda ta gabace ta. A Excel ko Google Sheets, idan gidan `A1` yana ɗauke da 31 ga Janairu 2025, aka rubuta wannan a `A2` sannan aka ja shi ƙasa:

```
=EDATE(A1,1)
```

to rana ta biyu za ta zama 28 ga Fabrairu, wanda daidai ne. Amma ta uku za ta zama 28 ga Maris, ta huɗu 28 ga Afrilu, kuma ba za ta sake komawa ƙarshen wata ba. Maganin shi ne a riƙa ƙirgawa daga ranar farko ta yarjejeniya a kowane zagaye:

```
=EDATE($A$1,ROW()-1)
```

Wannan yana ba da 28 ga Fabrairu, 31 ga Maris, 30 ga Afrilu, sannan 31 ga Mayu. Manhajar Stripe Billing tana bin irin wannan hanya: tana ajiye ranar asali da sunan `billing_cycle_anchor`, idan wata bai kai ranar ba sai ta yi amfani da ranarsa ta ƙarshe. Wasu kamfanoni kuma suna kauce wa matsalar gaba ɗaya ta hanyar mayar da kowa kan 1 ga wata, su karɓi kuɗin 'yan kwanakin farko daban.

Bambancin agogo ma yana iya karkatar da kwanan wata. Najeriya da Nijar suna gaban agogon UTC da awa ɗaya, don haka sha biyun daren da ke buɗe 1 ga Mayu a Kano ko Zinder, ƙarfe sha ɗaya ne na daren 30 ga Afrilu a kwamfutar da ke bin UTC. Takardar da aka fitar a wannan lokaci tana iya ɗaukar kwanan Afrilu, ta faɗa cikin lissafin watan da ba nata ba.

Sauyin farashi

Akwai hanyoyi uku da aka fi bi idan farashi ya sauya. Ta farko ita ce a bar zagayen da ake ciki ya ƙare a kan tsohon farashi, sabon ya fara daga takarda ta gaba. Wannan ce aka saba bi a harkar haya, inda ƙari yake zuwa a lokacin sabunta yarjejeniya. Ta biyu ita ce a bar tsofaffin abokan ciniki a kan tsohon farashi, sababbi kawai su biya sabon. Ta uku ita ce raba kuɗi gwargwadon kwanaki, idan sauyin ya faɗo a tsakiyar zagaye.

A wasu ƙasashe ana ɗaure ƙarin haya da ma'aunin hauhawar farashi. A Faransa, hukumar ƙididdiga ta INSEE tana fitar da ma'aunin hayar gidaje mai suna IRL duk bayan wata uku. Ana ninka tsohuwar haya da sabon ma'auni, a raba da ma'aunin irin wannan lokaci na bara, abin da ya fito shi ne iyakar sabuwar haya.

Misali

A ɗauka wani shagon buga takardu yana biyan naira 30,000 a wata na intanet, ana biya tun farkon wata. Ya biya kuɗin Afrilu ranar 1 ga wata. Ranar 21 ga Afrilu ya koma tsari mai sauri na naira 36,000. Afrilu kwana 30 ne, don haka ya yi kwana 20 a tsohon tsari, saura kwana 10 a sabon, idan aka haɗa da ranar 21 ɗin kanta.

Kuɗin kwana 10 a tsohon farashi naira 10,000 ne, kuma ya riga ya biya su, saboda haka za a mayar masa. Kuɗin kwana 10 a sabon farashi naira 12,000 ne. Takardar 1 ga Mayu za ta fito da layi uku: kuɗin Mayu naira 36,000, kuɗin kwanakin sabon tsari naira 12,000, da ragin naira 10,000. Jimilla naira 38,000. Idan farashin bai haɗa da haraji ba, sai a ɗora harajin sayen kayayyaki na kashi 7.5 cikin ɗari, wato naira 2,850, abin biya ya zama naira 40,850. Daga Yuni takarda za ta koma naira 36,000 da harajinta.

Da a ce sauyin ya faru ne ranar 21 ga Mayu, sakamakon zai bambanta, domin saura kwana 11 cikin 31. Bambancin naira 6,000 da ke tsakanin farashin biyu, idan aka ninka da 11 aka raba da 31, zai ba da naira 2,129.03. Kamfanin da ke ɗaukar kowane wata a matsayin kwana 30 zai samu naira 2,000 ne. Duka hanyoyin biyu ana amfani da su, abin da ake bukata shi ne yarjejeniya ta faɗi wadda za a bi, kuma a tsaya a kanta.

Haraji da doka

Haraji ma yana sauyawa kamar farashi. A Najeriya, Dokar Kuɗi ta 2019 ta ɗaga harajin sayen kayayyaki daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari, aka fara aiki da shi ranar 1 ga Fabrairu 2020. Duk samfurin da aka bari da kashi 5 ya ci gaba da fitar da takardu masu ƙarancin haraji har sai da aka gyara shi. Saboda haka manhajoji masu kyau suke ajiye kowane farashi da kowane haraji tare da ranar da ya fara aiki, ba a goge tsohon a rubuta sabo a kansa.

Doka tana iya taƙaita tsawon zagayen haya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar kuɗin sama da shekara ɗaya daga ɗan hayar da ke biya shekara-shekara, ta kuma ba ɗan haya damar kai ƙara kotu idan yana ganin ƙarin da aka yi masa ya wuce kima. Shigar da sabon farashi a manhaja ba ya maye gurbin sanar da ɗan haya ko abokin ciniki kamar yadda yarjejeniya ta tanada.

Yadda ake gano kuskure

Hanya mafi sauƙi ita ce a jera takardun mutum ɗaya a duba lokutan da suka shafa. Kowace takarda ya kamata ta fara ne washegarin ranar da ta baya ta ƙare. Giɓi yana nuna an tsallake wasu kwanaki, idan kuma lokutan sun hau kan juna to an caji wasu kwanaki sau biyu. Takardu biyu masu lokaci ɗaya ga mutum ɗaya galibi alama ce ta cewa aikin ya katse sannan ya sake gudana. Ana hana hakan ta hanyar sa manhaja ta ƙi karɓar takarda ta biyu idan lambar yarjejeniya da ranar fara zagaye sun zo ɗaya da na wadda take da ita. Kafin a fara amfani da sabon tsari, masu gwaji sukan gwada shi da yarjejeniyar da ta fara 31 ga Janairu, da kuma ta shekara-shekara da ta fara 29 ga Fabrairu.