Waɗanda ba a kashewa a yaƙi: tarihin hukuncin a fiƙihun Siyar

Siyar shi ne sunan da malaman fiƙihu na farko suka ba wa ɓangaren shari'a da ke tsara mu'amalar Musulmi da sauran al'ummu a halin yaƙi da na sulhu. Fannin ya kafu a ƙarni na 8 miladiyya, a hannun malamai irin su Auza'i na ƙasar Sham da Muhammad bin Hasan Shaibani wanda ya rasu a shekarar 805, almajirin Abu Hanifa, kuma babban littafin Shaibani, Siyarul Kabir, ya iso ga na baya ne ta cikin sharhin da Sarakhsi ya yi masa a ƙarni na 11.

Tushen kariyar waɗanda ba sa yaƙi ya girmi waɗannan littattafai. Hadisai sun zo da hanin kashe mata da yara, sannan Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa wasiyyar da Halifa Abubakar ya yi wa Yazidu bin Abi Sufyan sa'ad da ya tura shi Sham, inda ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itatuwa masu 'ya'ya da rusa wuraren da mutane ke zaune, ya kuma ce a ƙyale ruhubanawa, wato masu ibadar da suka keɓe kansu daga jama'a.

A kan mata da yara malamai ba su saɓa ba, muddin ba su shiga faɗa ba. Saɓanin ya taso ne a kan tsoho da makaho da rahibi da manomi, kuma Ibn Rushd, alƙalin Ƙurɗuba wanda ya rasu a 1198, ya bayyana a cikin Bidayatul Mujtahid cewa tushensa shi ne illa, wato dalilin da ya sa aka halatta kisan tun da farko. Wanda ya ɗauki kafirci a matsayin illa bai ga hujjar ware kowa ba sai wanda nassi ya ware, kuma haka aka ruwaito daga Shafi'i a ɗaya daga cikin maganganunsa biyu; wanda kuwa ya ce illar ita ce iya yaƙi, kamar yadda ra'ayin Malik da Abu Hanifa ya karkata, ya tsame duk wanda ba shi da hannu a faɗan. Malik ma ya ce a bar musu abin da za su rayu da shi daga dukiyarsu.

Labarin Duraidu bin Simma ya nuna inda wannan ma'auni ya tsaya. Shi dattijo ne da tsufa ya hana shi riƙe makami, amma ƙabilar Hawazin ta ɗauko shi zuwa yaƙin Hunainu a shekarar 630 saboda sanin dabarun yaƙi, har ya soki shugabansu Malik bin Auf a kan kawo mata da yara da dabbobi bakin daga. An kashe shi bayan an karya rundunar, ba a kuma ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi inkarin hakan ba. Daga nan malamai suka fitar da cewa tsohon da ke ba da shawarar yaƙi hukuncinsa na mayaƙi ne, domin abin lura shi ne taimakon da mutum ke bai wa runduna, da hannu ko da ra'ayi. Kariyar kuma daga kisa ce kawai, domin matan da yaran da aka kama suna iya faɗawa cikin bauta bisa tsarin wancan zamani, sai rahibin da ya keɓe kansa, wanda Malikawa suka ce ba a kashe shi kuma ba a bautar da shi.

Abin da ke kare rai da 'yanci da dukiya gaba ɗaya shi ne alkawari. Mafi ƙanƙantarsa amana ce, wato lamunin da Musulmi ɗaya zai ba wa abokin gaba, kamar yadda Ummu Hani ta yi ranar buɗe Makka aka kuma zartar mata da shi. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta halatta amanar mace da ta yaron da ya fahimci ma'anarta. Babbansa kuwa hudna ce, wato yarjejeniyar dakatar da yaƙi da shugaba ke ƙullawa, wadda Shafi'i ya iyakance ga shekara 10 bisa sulhun Hudaibiyya na 628, Malikawa kuma suka bar tsawonta ga ganin shugaba. Idan shugaba ya ji tsoron ha'inci daga ɗaya ɓangaren, bai halatta ya kai musu hari bagatatan ba, sai ya fara sanar da su a fili cewa alkawarin ya warware, wanda shi ne abin da malamai ke kira nabzu.