Zaftarewar gangaren madatsar ƙasa

Zaftarewar gangaren madatsar ƙasa ita ce zamewar wani ɓangare na jikin madatsar ruwa da aka gina da ƙasa, yashi ko yumɓu, inda ƙasar ke suɓucewa ta gangaro zuwa gindin ginin. Yanayi biyu ne suka fi jawo ta. Na farko shi ne janyewar ruwan tafki cikin gaggawa, wanda ke raunana fuskar ciki, wato wadda ke kallon tafkin. Na biyu shi ne ruwan sama mai ɗaukar kwanaki, wanda ya fi shafar fuskar waje. Tushen matsalar a duka biyun ɗaya ne: ruwan da ya maƙale a cikin ƙasar madatsar yana rage ƙarfin da ƙwayoyin ƙasa ke riƙe juna da shi. A gabashin Jihar Sakkwato, batun ya shafi madatsar Goronyo da ke kan kogin Rima da garuruwan da ke ƙasanta, irin su Wurno.

## Madatsar Goronyo da yankinta

An kammala gina madatsar Goronyo a shekarar 1984, aka kuma ƙaddamar da ita a 1992. Gini ne na cikon yashi da ƙasa mai tsayin kusan mita 21 da tsawon kusan kilomita 12.5, tafkinta kuma yana iya ɗaukar ruwa fiye da kubik mita miliyan 900. Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ce ke kula da ita. Daga nan ake sakin ruwa domin noman rani a fadamar Rima da kuma ruwan sha na birnin Sakkwato. Wurno tana ƙasa da madatsar a kan fadamar Rima, tana kuma da tata ƙaramar madatsa ta Lugu. Rabah kuwa tana gefen kogin Sakkwato, wanda madatsar Bakolori ke tare shi can sama a Jihar Zamfara.

Yanayin yankin yana sa ruwan tafki ya hau ya sauka sosai a kowace shekara. Ruwan sama yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, sannan a shafe watanni bakwai zuwa takwas babu ɗigo. Saboda haka jikin madatsa yakan jiƙe sharkaf a damina, ya bushe har ya tsattsage a bazara.

## Abin da ke riƙe gangare

Madatsar ƙasa ba ta da siminti da ke haɗa ƙwayoyinta. Abin da ke hana ta zamewa shi ne gogayyar da ke tsakanin ƙwayoyin, sai kuma ɗan danƙo idan akwai yumɓu a ciki. Gogayyar tana ƙaruwa ne gwargwadon yadda nauyin sama ke danne ƙwayoyin a kan juna. Amma akwai ƙananan gurabe a tsakaninsu, kuma idan ruwa ya cika guraben yakan ɗauke wani kaso na nauyin, sai dannewar ta ragu. Injiniya Karl Terzaghi ne ya bayyana wannan ƙa'ida a shekarun 1920, ana kuma rubuta ta kamar haka:

σ′ = σ − u

A nan σ shi ne jimillar matsin da nauyin ƙasa ke yi, u shi ne matsin ruwan da ke cikin guraben, σ′ kuma shi ne abin da ya rage yana danne ƙwayoyin. Duk lokacin da u ya ƙaru, ko σ ya ragu alhali u yana nan yadda yake, ƙasar na yin rauni.

Injiniyoyi suna auna lafiyar gangare da lambar da ake kira ma'aunin aminci, F. Ana samun ta ne idan aka raba ƙarfin da ke riƙe ƙasar da ƙarfin da ke jan ta zuwa ƙasa. Idan F ta sauka ƙasa da 1, gangaren zai zame. Galibi ana neman 1.5 a fuskar waje idan tafki na cike, da kuma 1.1 zuwa 1.3 a fuskar ciki lokacin janyewar gaggawa, domin wannan yanayi ne na ɗan lokaci.

## Janyewar ruwa cikin gaggawa

Idan tafki ya daɗe a cike, ruwa yakan ratsa fuskar ciki ya cika gurabenta. Wannan ba matsala ba ne muddin tafkin na nan, domin ruwan tafkin yana tokare gangaren daga waje, matsin ciki da na waje suna daidai. Matsala tana tasowa ne idan ruwan tafki ya sauka da saurin da ya fi na fitar ruwan cikin ƙasa. Tokarar waje ta tafi, amma ƙasar tana nan da nauyin jiƙarta da kuma matsin ruwan cikinta. Ruwan sai ya fara tsattsafowa daga jikin gangaren yana tura ƙwayoyin waje.

Kalmar "gaggawa" a nan ta danganta ne da irin ƙasar. Ruwa na iya ratsa yashi mai tsabta mita da yawa a rana guda, amma a cikin yumɓun da aka daddale ba ya wuce 'yan santimita a shekara. Don haka saukar da ba ta da haɗari ga gangaren tsakuwa tana iya zaftare na yumɓu. Misali sananne shi ne na madatsar San Luis a jihar Kalifoniya ta Amurka, inda fuskar ciki ta zame a 1981 bayan ruwan ya sauka da kusan mita 55 cikin kwana 120. Wata huɗu ba gajeren lokaci ba ne, amma bai isa yumɓun da ke ƙarƙashin ginin ya saki ruwansa ba.

## Misali da lissafi

Alƙaluman da ke nan na koyarwa ne, an zaɓe su daga abin da aka saba samu a ƙasa mai yashi. A ɗauki gangaren da ke hawa mita 1 a kowace mita 3 ta kwance, wato tan β = 0.333. A ce kusurwar gogayyar ƙasar digiri 30 ce, wato tan φ′ = 0.577, kuma babu danƙo. Ga zamewa marar zurfi, idan gangaren a bushe yake, ko kuma yana nutse gaba ɗaya cikin ruwan da ba ya motsi:

F = tan φ′ / tan β = 0.577 / 0.333 = 1.73

Wannan gangare lafiya lau yake. Yanzu a ce ruwan tafki ya sauka kwatsam, ƙasar tana cike da ruwa har samanta, ruwan kuma yana bin gangaren yana sauka. Kubik mita ɗaya na jiƙaƙƙiyar ƙasa yana da nauyin kusan tan 2, na ruwa kuma tan 1. Matsin ruwan ya ɗauke rabin dannewar ke nan, alhali nauyin da ke jan ƙasar bai ragu ba:

F = (2 − 1) / 2 × 1.73 = 0.87

Lambar ta faɗi ƙasa da 1, ba tare da an taɓa ginin ba. Da an kwantar da gangaren zuwa 1 cikin 4, da F ta fara daga 2.31 ta tsaya a 1.15. Wannan ne ya sa a madatsu da yawa fuskar ciki ta fi ta waje kwanciya. Lissafin ya ɗauki mafi munin hali, bai kuma sa danƙo ba. Ga zamewa mai zurfi, wadda kan bi layi mai lanƙwasa kamar baka, ana yanka gangaren gida-gida a lissafa kowane yanki, kamar a hanyar da Alan Bishop ya wallafa a 1955.

## Ruwan sama mai daɗewa

A lokacin rani fuskar waje tana da ɗan damshi ne kawai, kuma wannan damshin yana jan ƙwayoyin ƙasa zuwa ga juna, kamar yadda danshin yashi ke sa a iya dunƙula shi. Ruwan sama mai ƙarfi na sa'a ɗaya yawanci kwarara yake yi ta sama, ɓarnarsa ita ce zaizaya. Wanda ke sauka kwana da kwanaki shi ne ke nutsawa, ya cika guraben, ya kawar da wannan riƙo. Tsagar da zafin bazara ya bari, da ramukan gara da na ɓeraye, suna ba ruwan hanyar kaiwa ciki da sauri. Idan saman gangaren ya cika da ruwa, lissafin da ke sama ne ke aiki, kuma ma'aunin aminci na iya raguwa da kusan rabi.

A daidai wannan lokaci tafkin ma yana cika, saboda haka layin jiƙar da ke ratsa jikin madatsar yana hawa. Idan layin ya ɓullo a fuskar waje, sama da gindi, ƙasar wurin takan yi laushi ta fara suɓucewa kaɗan-kaɗan, kowace zamewa tana barin gangaren da ya fi na da tsayuwa.

## Ambaliyar 2010

A ƙarshen damina haɗarin biyu kan zo a jere. A 2010 ruwan sama mai yawa ya cika tafkin Goronyo, aka buɗe ƙofofinsa a farkon Satumba, bayan 'yan kwanaki kuma wani sashe na ginin ya karye. Ruwa ya mamaye gonaki da ƙauyuka a Goronyo da Wurno har zuwa Sakkwato, inda ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Madatsar Lugu ma ta taɓa lalacewa, abin da ya gurgunta noman rani a Wurno.

Lamarin ya nuna tsaka-mai-wuyar da masu kula da madatsa ke shiga. Idan suka riƙe ruwa, yana iya haurawa ta saman ginin, kuma madatsar ƙasa ba ta jure wannan. Idan suka saki da yawa, garuruwan ƙasa su sha ambaliya, fuskar ciki kuma, wadda ta jiƙe har sama, ta rasa tokararta cikin ɗan lokaci. Mafita ita ce a fara rage ruwa a hankali tun kafin tsakiyar damina, domin a samu gurbin karɓar ambaliya. Saukar da ake samu a rani, irin ta 2018 lokacin da tafkin ya ragu zuwa kusan kashi goma cikin ɗari, tana ɗaukar watanni, don haka ƙasa mai yashi na samun lokacin tsanewa.

## Alamomi da kariya

Alamar farko ta zamewa ita ce tsaga mai bin tsawon madatsar a samanta ko kusa da shi, musamman idan gefe ɗaya na tsagar ya fi ɗaya sauka. Sau da yawa akan ga kumburi a gindin gangaren a daidai wurin. Sauran alamun sun haɗa da duwatsun kariya da suka gusa daga layinsu, da wurin da ciyawa ta yi kore shar a tsakiyar rani. Ruwan da ke fita daga gindi idan garau yake kuma yawansa bai canja ba, abu ne da aka saba gani. Idan ya yi gurɓace, yana kwasar ƙasa ne daga ciki, kuma yana buƙatar ɗaukin gaggawa.

Ana auna matsin ruwan cikin ƙasa da na'urar fizomita, wadda sau da yawa bututu ne da aka binne a jikin madatsa. Idan tafki ya sauka amma ruwan bututun bai bi shi ba, alama ce a rage saurin sakin ruwa. A wajen gini kuma ana sa tsakuwa da duwatsu a fuskar ciki domin su tsane da wuri, a sa magudanar yashi a tsakiya da gindin fuskar waje domin layin jiƙa ya tsaya can ciki. Idan zamewa ta fara, ana jibge duwatsu a gindinta su tokare ta, a rufe tsagar kada ruwan sama ya shiga. Kwashe ƙasar da ta taru a gindin kuskure ne, domin ita ce ke riƙe da sauran.