Karya-harshe: yadda baitoci ke koya wa yara bambance K da Ƙ

Karya-harshe gajerun zantuka ne ko baitoci da ake jera kalmomi masu kama da juna a cikinsu, ta yadda harshe zai riƙa tuntuɓe idan aka faɗe su da sauri. A nazarin waƙar Hausa, irin wannan salo ana kiransa karangiya ko gagara-gwari. A darasin furuci, amfaninsu shi ne gwama sautuka biyu da yaro ke cakuɗawa, kamar k da ƙ.

Duka sautukan biyu a wuri ɗaya ake furta su, inda doron harshe ke taɓa hanɗa. Bambancinsu yana wajen iska. Iskar k daga huhu take fitowa. Wajen furta ƙ kuwa, ƙofar maƙogwaro ce ke rufewa, maƙogwaron ya ɗaga sama ya tunkuɗo iskar da ke baki, shi ya sa masana ke kiransa tunkuɗau. Yaro zai iya jin wannan motsi idan ya ɗora yatsa a maƙogwaronsa.

Ga misalin baitin da malami zai iya tsarawa:

Baƙo ya kafa ƙafa a kan kara,
Karan ya yi ƙara,
Baƙo ya ƙara kafa ƙafa.

Ba da sauri ake farawa ba. Da farko malami yakan furta "kafa" da "ƙafa", yaro ya nuna wadda ke nufin gaɓar jiki, domin wanda kunnensa bai rarrabe ba, harshensa ma ba zai rarrabe ba. Daga nan yaron ya furta kalmomin bibbiyu, sannan layi guda a hankali. Sai ya faɗi baitin duka babu kuskure ake ƙara sauri.

Kuskuren iri biyu ne. Idan yaro ya ce "kafa kafa" ko da a hankali yake magana, to bai iya furta ƙ ba tukuna, sai a koma kan sautin shi kaɗai. Idan kuwa ya ce "ƙafa ƙafa" sai lokacin da ya yi sauri, ya iya sautin, sauyawa daga wannan zuwa wancan ce ke ba shi wuya, kuma nan ne baitin ya fi amfani.

Akwai iyaka. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, don haka "ƙara" ta layi na biyu da ta na uku rubutunsu ɗaya, furucinsu daban. Dole yaro ya ji su daga bakin malami. Haka kuma karya-harshe ba maganin in'ina ko raunin ji ba ne. Yaron da ke fama da waɗannan yana buƙatar ganin ƙwararre, kuma tilasta masa sauri a gaban 'yan aji kan ƙara masa fargabar magana.