Yadda Ake Zaɓen Tayil Marar Santsi da Abin Cike Tsakani na Banɗaki

Duk wanda ya yi damina a Apo ya san cewa daga Yuni zuwa Satumba banɗaki ba ya bushewa da wuri, musamman a gidajen da tagarsa ƙarama ce. Mazauna Legas, Ibadan da Fatakwal kuwa kusan shekara suke yi cikin wannan laima. Abu biyu ke biyo baya: santsin da ke kayar da tsofaffi da yara, da baƙar fumfuna da ke bin layukan da ke tsakanin tayil. Duka biyun tun wajen sayen kaya ake maganinsu.

Tayil ɗin ƙasa

Kuskuren da aka fi yi shi ne a sayi tayil mai ƙyalli irin na falo a shimfiɗa a banɗaki. Da zarar ruwan sabulu ya taɓa shi, ya zama tarko. Idan ka je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, ko ta Orile Coker a Legas, ka duba jikin kwalin. Wasu kamfanoni na rubuta alamar riƙon ƙafa daga R9 zuwa R13. R9 na ɗaki ne busasshe. Banɗaki na buƙatar R10 ko R11. Wanda ya wuce haka kaushinsa ya yi yawa, datti yake riƙewa, wanke shi aiki ne.

In babu alamar, ka roƙi mai shago guda ɗaya, ka jiƙa shi, ka ɗan goga sabulu, sannan ka danna tafin hannunka ka tura. Idan hannun ya zame ba tare da turjiya ba, ƙafa ma haka za ta yi.

Sai ka juya bayansa ka ɗiga ruwa. Idan ya shanye nan take, tayil ne mai shan ruwa, kuma zai riƙe danshi. Nau'in fosilin, wanda ake rubuta wa porcelain a kwali, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba, shi ya sa ɗigon ke tsayawa a kansa.

Abin cike tsakani

Masu sa tayil da yawa farin siminti suke damawa su cike tsakani, saboda arha. Matsalarsa ita ce yana da ƙananan ƙofofi da ke tsotsar ruwa da dattin sabulu, abincin fumfuna ke nan. Wanda ya fi shi shi ne garin girawut na leda da aka rubuta cewa yana tare ruwa. Wanda ya fi duka kuwa shi ne na ifoksi, mai zuwa a mazubi biyu ko uku da ake haɗawa. Kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, sai dai ya fi tsada, kuma yana daskarewa cikin ƙasa da awa guda. Dole a riƙa dama shi kaɗan-kaɗan ana goge fuskar tayil nan take. Kafin ka saya, tambayi mai aikinka ko ya taɓa aiki da shi.

A kusurwar da bango ya haɗu da ƙasa, silikon mai maganin fumfuna ake sawa, domin siminti tsagewa yake yi a nan.

Misali da lissafi

A ce banɗakinka mita 2 ne a tsawo, mita 1.5 a faɗi, wato murabba'in mita 3. Tayil mai santimita 30 kowane gefe, guda 34 ne za su rufe shi. Ka sayi 38 saboda yanka da fashewa. Ƙanana irin waɗannan sun fi masu santimita 60 dacewa, don sun fi bin gangara, kuma yawan layukan na ƙara wa ƙafa riƙo. A bar tazarar milimita 3 a tsakani. Girawut ɗin da za ta ci bai kai kilo ɗaya ba, don haka ledar kilo biyu ta wadatar.

Ƙasan kuma ta gangara zuwa magudana da santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. A jira kwana guda bayan shimfiɗawa kafin a cike tsakani. Bayan cikon ya bushe, kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka kwarara bokiti guda ka tsaya ka gani. Duk inda ruwa ya kwanta, nan fumfuna za ta fara, komai tsadar kayan.

Wajen wanki

A guji ruwan asid da ake sayarwa don wanke tayil, yana cinye cikon siminti har ya yi rami. Ruwan bilic da aka sirka da buroshi sun isa. Kada a kuskura a haɗa bilic da asid, hayaƙin da ke tashi guba ne. Bayan wanka ko alwala, a janye ruwan zuwa magudana, a bar taga a buɗe.