Abin da Ya Kamata Takardar Rabuwa Bisa Amincewar Juna Ta Ƙunsa Tsakanin Ma'aikaci da Mai Wurin Aiki a Nijeriya

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci takardar da ma'aikaci da mai wurin aiki ke sa wa hannu idan suka amince su rabu ba tare da kora ko murabus ba, a kamfanoni masu zaman kansu a Nijeriya. An dogara da Dokar Ƙwadago, da Kundin Tsarin Mulki, da Dokar Fansho ta 2014. Matsayin maƙalar shi ne, takardar ba ta kare mai wurin aiki sai idan ta nuna cewa ma'aikaci ya amince don raɗin kansa, kuma ya karɓi wani abu a kan haƙƙin da dama yake bi.

Gabatarwa

Tun bayan gyara na uku da aka yi wa Kundin Tsarin Mulki a 2010, sashe na 254C ya keɓe wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin sauraron rigingimun aiki, ya kuma ba ta damar duba zalunci a harkar ƙwadago. Kotun takan ɗauki murabus ɗin da aka tilasta wa mutum a matsayin kora ta bayan fage. Saboda haka sa hannun ma'aikaci kaɗai ba ya rufe magana. Alƙali zai tambayi yadda aka samu sa hannun, da kuma abin da aka bayar a madadinsa.

Ranar Rabuwa da Wa'adin Sanarwa

Bayan sunayen ɓangarorin biyu, da muƙamin ma'aikaci, da ranar da ya kama aiki, takardar ta ambaci ranar ƙarshe ta aiki, domin daga ita ake lissafin komai. Sashe na 11 na Dokar Ƙwadago ya tsara mafi ƙarancin sanarwa: kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya ga wanda bai kai shekara biyu ba, mako biyu ga wanda bai kai shekara biyar ba, sai wata ɗaya ga wanda ya kai biyar. Sashen ya halatta a yafe sanarwar ko a biya kuɗi a madadinta, don haka a rubuta wanne aka zaɓa. Sashe na 91 ya taƙaita dokar ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis. Manaja ko injiniya, takardar ɗaukarsa aiki ce madogara.

Lissafin Kuɗi

A nan ne yawancin takardun ke samun rauni, domin akan rubuta jimla ɗaya a ce ta share duk wani haƙƙi. A ɗauki misalin magatakardan sito a wata masana'anta a Kano, wanda ya shekara shida yana aiki a kan albashin Naira 132,000 a wata. Albashin watansa na ƙarshe 132,000 ne. Kuɗin madadin sanarwa ma 132,000 ne. Yana da kwana goma na hutun shekara da bai ci ba. Idan kamfanin na lissafin kwanakin aiki 22 a wata, kowace rana 6,000 ce, wato 60,000. Jimlar ta kama 324,000, kuma duk wannan haƙƙinsa ne ko da korarsa aka yi da sanarwa. Idan aka miƙa masa wannan kuɗi kaɗai aka ce ya yafe kai ƙara, ya sayar da damarsa ne da kuɗin aljihunsa, kuma lauyansa zai iya cewa babu abin da aka ba shi a kan yafiyar.

Gyaran shi ne a ware layi na dabam na kuɗin sallama. A misalin nan a ce an yi sulhu a kan albashin wata uku, wato 396,000. Idan kamfanin na binsa rancen 80,000, daga nan ya fi dacewa a cire, tunda sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana a yanke fiye da kashi ɗaya cikin uku na albashin wata, wanda a nan 44,000 ne. Saura 316,000, abin da zai tashi da shi kuma 640,000 kafin haraji da kason fanshonsa. Rarrabewar tana da wani amfanin, domin dokar haraji ba ta ɗauki albashi da diyyar rasa aiki abu ɗaya ba. A kuma rubuta ranar biya da asusun da za a tura, tare da sharaɗin cewa yafiyar ba ta fara aiki sai kuɗin sun shiga. A ganin wannan nazari, wannan sharaɗi shi ne mafi muhimmanci ga ma'aikaci a duk takardar.

Fansho da Haƙƙin da Ba Ya Yafuwa

Dokar Fansho ta 2014 ta ɗora wa mai wurin aiki zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kuma kashi 8, cikin kwanakin aiki bakwai bayan biyan albashi. Idan aka lissafa a kan dukan albashin magatakardan, 23,760 ke nan a wata. Takardar ta faɗi watan ƙarshe da aka zuba, shi kuma ya gwada da bayanan asusunsa kafin ya sa hannu. Dokar ta ba wanda ya bar aiki kafin ya kai shekara 50 da haihuwa damar cire abin da bai wuce kashi 25 cikin ɗari na asusunsa ba idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba, kuma kamfanin kula da fanshon zai nemi shaidar barin aiki. Ya kamata a haɗa masa da takardar shaida ta dabam wadda ba ta ɗauke da sirrin sulhun.

Haka nan Dokar Biyan Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta hana ma'aikaci yafe diyyar rauni ko cutar da ya samu a bakin aiki. Takardar ta fito fili ta keɓe wannan haƙƙi daga yafiyar.

Alamun Amincewa ta Gaskiya

Mai wurin aiki yana buƙatar a dawo da makullai, da katin shaida, da littattafan sito, a kuma riƙe sirrin ciniki. Duk wannan layi kaɗan ya ishe shi. Abin da ya fi ba shi kariya shi ne shaidar cewa ba a yi tilas ba. A rubuta ranar da aka miƙa daftarin da ranar da aka sa hannu, a bar kwanaki a tsakani domin ma'aikaci ya nemi shawarar lauya ko ƙungiyar ƙwadagonsa. Takardar da aka miƙa aka kuma sa wa hannu a zama ɗaya, a ofishin shugaba, da barazanar kiran 'yan sanda, ita ce irin wadda ke rushewa a kotu. Ba a yi wa kalmar sulhu adalci ba idan ɗaya ɓangaren bai da ikon cewa a'a.

Akwai kuma matsalar harshe, wadda ta shafi masana'antun Arewa ƙwarai. Da Ingilishi ake rubuta takardun, alhali leburori da yawa Hausa ko ajami suke karantawa. Dokokin kare waɗanda ba su iya karatu ba sun buƙaci marubucin takarda ya sa sunansa da adireshinsa, a matsayin shaidar cewa an karanta wa mai sa hannun an kuma bayyana masa. Abin da ya dace shi ne a rubuta sunan tafinta, ya sa hannu, a kuma ba ma'aikaci kwafinsa.

Yafiyar ma ta kasance ta ɓangare biyu: kamfani ya rubuta cewa ba ya bin ma'aikaci komai bayan abin da aka lissafa, kuma ba zai shaida wa wani cewa korarsa aka yi ba. Idan kuwa rage ma'aikata ake yi, sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya wajabta sanar da ƙungiyar ƙwadago da bin ƙa'idar wanda ya zo ƙarshe shi ne farkon fita, kuma takardar sulhu ba ta ɗauke wa kamfani wannan nauyi.