Siffar Jordan

Siffar Jordan (suna, lissafi): sura mafi sauƙi da matiris yake komawa idan an sauya ginshiƙan awonsa, wadda Camille Jordan ya bayyana a 1870. Amfaninta yana fitowa ne inda ƙimar aigin take da naƙasa, wato ta maimaitu amma bektocinta masu zaman kansu ba su kai yawan maimaicin ba.

Misali, A = [[3, 1], [−1, 1]] yana da ƙima 2 sau biyu, amma bekta ɗaya tak, v = (1, −1). Cikon gurbin shi ne gamammen bekta, wanda ake samu ta warware (A − 2I)w = v, kuma w = (1, 0) ya wadatar. Idan v da w suka zama ginshiƙan P, a jere haka, sai P⁻¹AP ya ba da [[2, 1], [0, 2]], inda 1 ɗin sama yake shaidar naƙasar.