Tazarar layukan haske a gwajin tsaga biyu

Tazarar layuka ita ce nisan da ke tsakanin layi mai haske da wanda ke biye da shi a kan allo, bayan haske mai launi ɗaya ya ratsa siraran tsaga biyu da ke dab da juna. Thomas Young, masanin kimiyya ɗan Ingila, shi ya fara bayyana wannan gwaji a farkon ƙarni na 19.

Ana lissafa tazarar da Δy = λL/d, inda λ yake tsawon zangon hasken, L nisan allo daga tsagogin, d kuma ratar da ke tsakaninsu. Ke nan jan haske ya fi shuɗi ware layuka, domin zangonsa ya fi tsawo. Matsar da allo nesa yana ƙara tazarar, ƙara ratar tsagogin kuwa yana rage ta.

Misali, idan λ nanomita 600 ne, L mita 2, d kuma milimita 0.5, tazarar za ta kasance milimita 2.4. In aka ninka d, sai ta koma milimita 1.2.

Lissafin yana aiki ne idan L ya fi d girma ƙwarai, kuma ga layukan da ke kusa da tsakiyar allo kaɗai.